Ta dawo da leshi bayan wa'adi ya wuce, me zan ce mata?

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan'uwa, raina a jagule yake. Leshi nake sayarwa a WhatsApp daga Agege. Jarin na yayata ne, riba muke rabawa, kuma a kasuwar Balogun kuɗi hannu nake saro kaya. Ƙa'idata ta dawo da kaya kwana 7 ce. Wata a Lekki ta sayi yadi 5 a naira 48,000, sai ga mai babur ya dawo da shi bayan kwana 19, 'yata ta karɓa ba na gida. Kuɗinta take nema. Me zan rubuta mata?

Alhaji Sabo: Kada ki ba ta ko sisi. Ta kai wa tela ne ya ce bai isa ba. Wa'adi ya wuce, magana ta ƙare.

Anti Bilki: Alhaji, a yi haƙuri, ba ta ƙare ba. Maman Hanan, me ta ce ya sa ta dawo da shi? Nan zancen yake. In ra'ayi ta sauya, kwana 7 ɗinki na nan daram, muddin kin faɗa mata kafin ta biya. In kuwa aibi ne daga tushe, kamar huji ko zuba, dokar kare masu saye ta 2018 ta ba ta wata 3, ƙa'idar shago ba ta goge wannan, kuma tana iya kai ƙara hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, ko ta jihar Legas, LASCOPA. Ki warware leshin kina ɗaukar bidiyo, ki auna yadin, ki duba bakinsa ko almakashi ya taɓa, ki sunsuna ko an wanke. In lafiya lau yake, ki rubuta: "Hajiya, leshi ya iso. Wa'adinmu na kwana 7 ya wuce, don haka ba zan iya mayar da kuɗi ba, amma ki zaɓi wani na daidai kuɗin, kuɗin mai babur a kanki." Ki ajiye shi, kada ki sayar sai kun daidaita.

Zainab Mile 12: Ni masu babur ne matsalata. Wani ya riƙe min takalma sati biyu, kwastoma ta zage ni tas.

Maman Hanan: Anti, ƙa'idar ai a status nake sa ta, kowa ya sani. Cewa ta yi kalar ba irin ta hoto ba ce, alhali hasken waya ne.

Anti Bilki: Status da ke ɓacewa bayan awa 24? In ba ta cikin hirarku, hujjarki ta yi rauni. Zancen kala ma ba ƙarami ba ne, turo mana hoton.

Alhaji Sabo: Wace doka? Ki sassauta yau, gobe ƙawayenta su yi miki layi.

Maman Hanan: Musanyar ma yayata ba za ta yarda ba. Ga shi matar ta sake kira yanzu, ban ɗauka ba.