Tauraro biyar daga mutum uku: wa ya cancanci saman jeri?

Mai kula da jeri: Salamu alaikum jama'a. Na jera masu sayar da kayan fata na ƙungiyarmu bisa matsakaicin taurarin da masu saye suka ba su. Ƙanwarmu mai jakunkuna ta zo ta ɗaya da 5.0, mutum 3 suka ba ta. Baba Baduku ya zo na huɗu da 4.6, shi kuma mutum 120. Baba ya ce ba a yi adalci ba. Ni dai na ce biyar ta fi huɗu da ɗigo shida, lissafi ba ya son kai. Ku raba mu.

Baba Baduku: Wa alaikumus salam. Ɗana, ba hassada nika yi wa ɗiyag ga ba, aikinta na da kyau, na gani da idona. Amma shekara nawa ina ɗunkin takalma Madunka? Mutum 120 sun sayi kayana, cikinsu had da wanda ya ba ni tauraro ɗaya don mota ta yi jinkirin kai mai kaya Kaduna. Ita ko mutum ukku. Mi a ukku?

Mai Jakunkuna: Baba, Allah ya ja kwana. Amma ukun nan ba roƙonsu na yi ba. Kuɗinsu suka biya, suka ga jaka, suka yaba. Don na zo a baya sai a ce yabon da aka yi mini ba yabo ba ne?

Mai Kilishi: Ni fa tun farko na ce harkar taurarin nan duk ta bogi ce. Kowa 'yan uwansa yake sawa su danna masa. A soke kawai, mai son kaya ya zo ya taɓa.

Malamin Lissafi: Alhaji, wannan wata magana ce daban, za mu zo kanta. Mu ɗauka ukun nan na gaskiya ne, ba ƙanin miji ba ƙawar amarya. Duk da haka jerin bai daidaita ba.

Ku ɗauki mai sana'a tsaka-tsaki, wanda cikin masu saye goma bakwai ne ke gamsuwa sosai har su ba shi biyar, sauran ukun su tafi da ƙorafi. Yiwuwar mutum ukun farko duk su faɗo cikin masu gamsuwa ita ce 0.7 sau 0.7 sau 0.7, wato 0.343. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. Idan irinsa talatin suka buɗe shago yau, wajen goma daga cikinsu za su wayi gari da 5.0 cif bayan ciniki uku, alhali ba su fi sauran ashirin ɗin da komai ba. Sa'a ce kawai ta wanda ya fara shigowa shagonsu.

Ban ce ƙanwata tana cikin irin waɗannan ba. Mai yiwuwa ta fi kowa a ƙungiyar nan. Abin da nake cewa shi ne mutum uku ba su isa su nuna mana ko ita gwana ce ko mai sa'a ba, domin duka biyun 5.0 za su nuna. Shi kuwa Baba, babu sa'ar da za ta riƙe mutum a 4.6 har ciniki 120.

Mai Jakunkuna: To Malam, ni ce mai sa'ar ke nan.

Malamin Lissafi: A'a ƙanwata, tsaya ki ji, abin da ya ɗaga ki yau shi zai iya kayar da ke gobe. A ce mai saye na huɗu zip ɗin jakarsa ya ɓalle a hanya, ya fusata ya ba ki ɗaya. Jimillarki ta zama 16, a raba huɗu, kin koma 4.0, daga saman jeri zuwa can ƙasa a dare ɗaya. Irin wannan mutumin in ya faɗa wa Baba, daga 4.60 zai sauko 4.57, ko a jikinsa. Ki duba kowane jeri da aka yi da matsakaici zalla, za ki tarar na can sama da na can ƙasa galibi masu ƙuri'a biyu ko uku ne, tsofaffin hannu suna tsakiya. Da kin ga haka kin san jerin ƙarancin ƙuri'a yake aunawa, ba kyan aiki ba.

Ɗalibin Ɗanfodiyo: Ai maganin mai sauƙi ne. A sa ƙa'ida: duk wanda bai kai ƙuri'a 20 ba kada ya shiga jeri. An gama.

Malamin Lissafi: Ka kama rabin zaren. Amma mai 19 fa, me ya raba shi da mai 20? Kuma mai 20 da mai 300 ka mayar da su daidai ke nan. Ga kuma babbar illa: wanda ba ya cikin jeri ba a ganinsa, wanda ba a gani ba a saye a wurinsa, to ta ina zai tara ashirin ɗin?

Akwai hanyar da ba ta korar kowa. Kafin a ƙirga ƙuri'un mutum, a ba kowa ƙuri'un aro guda goma, kowace a kan matsakaicin kasuwar gaba ɗaya. Mai jeri, in ka haɗa duk taurarin da aka ba 'yan ƙungiya ka raba da yawan ƙuri'un, nawa ne?

Mai kula da jeri: 4.2 ne, Malam.

Malamin Lissafi: Madalla. Goma sau 4.2 ya ba mu 42, kowa da su zai fara. Ƙanwata tana da taurari 15 daga mutum 3. A haɗa da 42 ya zama 57, a raba da 13, ta samu 4.38. Baba yana da 120 sau 4.6, wato 552. A haɗa da 42 ya zama 594, a raba da 130, ya samu 4.57. Kun ga Baba kusan bai motsa ba, domin ƙuri'unsa na gaskiya sun rinjayi na aro nesa ba kusa ba. Ita kuwa an jawo ta kusa da tsakiyar kasuwa, amma tana sama da tsakiyar, saboda ukun nata sun yi mata aiki gwargwadon nauyinsu.

In a Excel ko Google Sheets kake jerin, yawan ƙuri'a a B, matsakaici a C, ga abin da za ka rubuta ka ja shi ƙasa:

```
=(10*4.2+B2*C2)/(10+B2)
```

Ba ni na ƙirƙiro ba. Da irin wannan lissafin masu shafin bayanan fina-finai na intanet, IMDb, suka daɗe suna tsara jerin fina-finai 250 da suka fi samun yabo, don kada fim ɗin da mutane ƙalilan suka zaɓa ya haye kan wanda dubbai suka kalla suka auna.

Baba Baduku: Awo, yanzu na ji batu. Kamar baƙo na in ya zo kasuwa, ba a ce mai ɓarawo, ba a ce mai waliyyi, sai an zauna da shi.

Mai Jakunkuna: Ni dai har yanzu ban gamsu ba. An ɗora mini 4.2 na wasu mutane har sau goma, cikinsu har da masu manna jaka da gam maimakon ɗinki. Laifin me na yi da zan ɗauki kayansu? Kuma sai yaushe zan fita daga ƙarƙashinsu?

Malamin Lissafi: Tambaya ta biyun tana da amsa. In kika ci gaba da samun biyar, a ƙuri'a ta 9 za ki kai 87 a raba da 19, wato 4.58, kin wuce Baba da ƙyar. A ta 20 kina 4.73. Shida kawai suka rage miki ki kamo shi. Sannan mai zip ɗin nan da na ba ki misali, a wannan tsarin daga 4.38 zai sauke ki zuwa 4.14 ne kurum. Ƙuri'un aron da kike ƙi yau su ne katangarki ranar da kika haɗu da mai saye mai zafin kai.

Ta farkon kuwa, kina da gaskiya a wani ɓangare. Idan jakunkuna da takalma ba su da matsakaici ɗaya, misali masu sayen takalma sun fi ƙorafi saboda matsalar lamba, to kamata ya yi kowane rukuni a yi masa aro da nasa matsakaicin.

Ɗalibin Ɗanfodiyo: Malam, na gwada a wayata. Me ya sa goma? Da na sa 2 a madadin 10, Anti ta samu 4.68, Baba 4.59. Ta koma ta ɗaya. Ashe wanda ya zaɓi lambar shi ya zaɓi zakara.

Malamin Lissafi: Lissafinka daidai ne, kuma nan ne raunin hanyar. Lambar tana cewa ne: ƙuri'a nawa muke so mu gani kafin mu yarda da maganar masu sayen mutum daidai da yadda muka yarda da halin kasuwa? A goma, mai ƙuri'a goma rabi nasa ne rabi na kasuwa. Na ce goma ne don na ga yawancin 'yan jerin nan ƙuri'unsu tsakanin 5 da 30 suke. Wasu sukan jera kowa bisa yawan ƙuri'arsa su ɗauki adadin na tsakiya. Ko wace za a ɗauka, a tsayar da ita kafin a duba wanda za ta ɗaga, a kuma sanar da kowa.

Akwai wata hanyar mai tsauri, ta Edwin Wilson, tun 1927, wadda ake amfani da ita in ƙuri'ar ta "na gamsu" ko "ban gamsu ba" ce. Ita tambayarta: mene ne mafi ƙarancin abin da za mu iya tsaya wa mutum a kai? Mai 3 cikin 3 takan ba shi kusan kashi 44 cikin ɗari, mai 110 cikin 120 kusan kashi 85. Ban kawo ta don mu ɗauka ba, tana danne sabon shiga fiye da kima ga ƙaramar ƙungiya irin tamu.

Mai Kilishi: Duk na ji. To ga tawa. Wani ya zo sabo, mutum ɗaya ya saya, ya ga kayan banza ya ba shi biyu. Da lissafinka 44 a raba da 11, ya samu 4.0. Kun wanke shi tas ke nan! Kuma maganata ta farko tana nan. Mai buhun albasa in ya zaɓo manya uku ya ɗora a baki, ko sau nawa ka ƙirga su ba za su gaya maka abin da ke gindin buhu ba.

Malamin Lissafi: Na farkon haka ne, Alhaji, uzurin da aka yi wa mai biyar shi aka yi wa mai biyu, kuma in kayansa na banza ne ƙuri'u masu zuwa za su ja shi ƙasa. Amma in ƙorafin na damfara ne, an karɓi kuɗi ba a aika kaya ba, wannan ba a jira lissafi, shugabanni ne za su bincika. Na albasa kuwa ka ci ni. Lissafina yana maganin ƙarancin ƙuri'a ne, ba ya gane ta ƙarya. Wanda ya tara 'yan uwa talatin suka danna masa biyar zai samu 4.8, ya wuce Baba yana dariya. Sai dai a ce ba mai ba da tauraro sai wanda ya nuna shaidar biyan kuɗi.

Mai kula da jeri: To zan sa lissafin Malam, kuma zan riƙa rubuta yawan ƙuri'a kusa da makin kowa. Sababbi zan buɗe musu layi nasu a sama na wata ɗaya don a gan su. Saura lambar aro: goma ko biyar?

Mai Jakunkuna: Biyar.

Baba Baduku: Ashirin.

Mai kula da jeri: Baba, Malam fa ya ce ba a zaɓa bayan an ga sakamako.

Baba Baduku: Ita ma ai ta gani. A bari sai ran Juma'a bayan an sauko masallaci, a tara kowa a yanke.