Shin 89.5 yana zama mumtaz?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zangon ƙarshe a nan Madina. A wata madda mai sa'a 3 ina da 54.5 cikin 60 na aikin zango, saura 40 na jarrabawar ƙarshe. In na tashi da 89.5, ana cike shi ya zama 90? Mu'addalina, wato matsakaicin makina na duk maddoji, 4.47 ne a sa'o'i 100, saura 15, kuma mumtaz nake so a shahada.

Sani Maraɗi: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, tun a firamare aka koya mana rabi yana hawa sama. 89.5 ai 90 ne.

Abu Sumayya: Malam Sani, a ajin lissafi haka ne, amma dokar jami'a ba haka ta rubuta ba. Jadawalin da jami'o'in Saudiyya ke bi cewa ya yi A daga 90 ne zuwa ƙasa da 95, B+ kuma daga 85 zuwa ƙasa da 90. To 89.5 ƙasa da 90 yake, ko 89.9 ma haka. Inda ake samun ciko shi ne wajen duktur, kafin ya shigar da maki. Wani yana cike guntun a jimillar ƙarshe, wani yana cike aikin zango tun farko, 54.5 ɗinka ya koma 55, wani kuma datse shi yake yi ya koma 54. Wannan na ukun shi ya kamata ka yi lissafi da shi.

In ya datse, 36 kake buƙata cikin 40. In ya bar guntun, 36 ya ba ka 90.5, ka tsallake. Shi 35 kuwa sai an yi maka alfarma. Saboda haka ka sa 36 a ranka, wato maki huɗu kawai za ka iya zubarwa. Kuma ka je ofishinsa yanzu, kafin jarrabawa, ka ce: "Duktur, ana cike guntun maki a wannan madda?" Tambaya ce ta ilimi a yanzu. Bayan sakamako ya fito kuwa roƙo ne, kuma yawancinsu ba sa son sa.

Ummu Khalil: Ni wallahi wannan tsarin ya ba ni wahala da na zo. A gida Najeriya 70 ne A, nan kuma 70 ɗin C ce. Wata duktura ta taɓa barina a 84.5, na bi ta har bakin mota, ta ce in ta ƙara min sai ta ƙara wa ajin gaba ɗaya.

Abu Sumayya: Allah sarki. Kuma naki ya fi nasa ciwo, don iyakokin ba darajarsu ɗaya ba. A tana da 4.75, B+ 4.5, bambancin 0.25 ne kacal. Amma B 4.0 ce, faɗowa daga 85 zuwa 84 na cin 0.5, ninki biyu ke nan.

Ɗan Gwale, ga naka. Mumtaz a shahada yana farawa daga 4.50 cikin 5. Sa'o'i 100 sau 4.47 ya ba da 447. Za ka gama da sa'o'i 115, kana buƙatar 517.5, saura 70.5 ke nan a wannan zangon. In maddoji biyar ne masu sa'a 3, A huɗu da B+ ɗaya sun ba ka 70.5 cif. Wato ko wannan maddar ta zame zuwa B+ ba ka rasa ba, muddin sauran huɗun sun tsaya a 90. B+ biyu kuwa za su sauke ka 4.49, sai dai A+ ɗaya ta rama. B guda ɗaya tak, sai A+ biyu za su biya ta. Don haka duba wadda kake tangal-tangal a kusa da 85, can ya kamata dararenka su tafi.

Abu ɗaya: 4.47 da kake gani na iya zama 4.466 da aka cike. Buɗe takardar sakamakonka ka ɗauki jimillar maki ta ainihi ka sake lissafin da ita.

Ɗan Gwale: Allah ya saka da alheri yaya. Na duba, 447.25 ne, da ɗan rara. To in mutum ya ƙare da 4.496 fa, na'ura za ta nuna 4.50 ta ba shi mumtaz?

Sani Maraɗi: Wani abokina ya ce nasa an cike.

Ummu Khalil: Ni kuma an ce min datsewa take yi bayan lamba ta biyu. Ka je ofishin rajista na kulliyarku ka tambaya, in ka ji amsa ka dawo ka faɗa mana, ƙanena ma a bakin iyakar yake.