Imel ɗin tunin bashi yana tsayawa a mutum na 50, wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Sakataren Kofaretif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya taɓa saita Google Sheets ta riƙa tura imel da kanta ya zo ya ba mu labarin abin da ya gani, don ni kaina ya ɗaure. Muna da kofaretif ta ma'aikata, mutum 237 ke bin rancen wata-wata, wani ƙanina ya rubuta mana ɗan kod a Apps Script wai duk ranar 25, 26 da 27 ga wata da safe ya tura wa kowa tuni da adadin abin da zai biya. Da muka gwada da mutum biyar lafiya lau, har ciyaman ya yaba. To wata biyu kenan, su Abdullahi da Abubakar da A'isha suna ta ƙorafi wai muna damunsu, imel uku iri ɗaya a jere, su kuma su Usman da Yusuf da Zainab sun rantse ko ɗaya ba su taɓa gani ba, har an ci wata Hajiya tarar makara ta zo ofis ta zazzage ni tas. Jiya na zauna na ƙirga a Sent, 50 cif yake turawa kullum sai ya tsaya. Sunayen kuma a jere suke daga A zuwa Z.

Ɗan Fagge: Wa alaikumussalam. Malam ba matsalar lamba ba ce, Gmail 500 yake bari a rana, ni na sha tura sama da ɗari uku. Ka duba layi na 51 ko 52, ina kyautata zaton akwai adireshin da aka rubuta ba daidai ba, ko babu @ ko an bar gurbin ba komai, shi ke kashe kod ɗin.

Maman Hanif: Ɗan Fagge 500 ɗin da ka faɗa gaskiya ne amma na wanda ya zauna ya tura da hannunsa ne daga cikin Gmail. Wanda kod ke turawa lissafinsa daban, idan akawun ɗin na kyauta ne mai @gmail.com mutum 100 ne a rana, idan Workspace ne na kuɗi 1,500. Kuma mutane ake ƙirgawa ba saƙo ba. Malam Sakatare kafin a yi ta hasashe, shiga Extensions, Apps Script, a gefen hagu akwai Executions, ka danna wanda aka rubuta Failed ka kwafo mana abin da ya ce. Sannan tambaya ɗaya, akwai wanda ake sa wa kwafi a kowane saƙo?

Sakataren Kofaretif: Ga shi Hajiya: `Exception: Service invoked too many times for one day: email.` Kuma eh, ciyaman ne ya ce lallai a riƙa sa shi a cc don ya zama shaida an tura.

Maman Hanif: To ai ka ga inda gizo ke saƙar. Kowane saƙo mutum biyu yake ci, mai bashin da ciyaman, 50 sau biyu 100, kason ranar ya ƙare. Bawan Allah ciyaman yana can da imel 150 duk wata bai ce uffan ba, ina jin ko buɗewa ba ya yi. Abu na biyu kuma wanda ya fi na farkon ciwo, kod ɗinku ba ya tuna inda ya tsaya. Ran 25 ya fara daga layi na biyu ya mutu bayan mutum na 50, ran 26 ya sake farawa daga sama, ran 27 haka, shi ya sa masu A suka sha uku-uku, mutum 187 kuma ko ƙyallinsa ba su gani ba. Ni haka ta faru da ni a makarantar da nake riƙe wa lissafin kuɗin zango, sai da na ƙara gurbi ɗaya a ƙarshen teburin na sa masa suna "An tura", duk wanda aka tura wa sai kod ya buga kwanan wata a gabansa nan take, gobe idan ya zo ya tsallake shi. A cikin madaukin naka ka sa irin wannan, idan imel yana B kuma "An tura" yana E:

```
if (row[4] !== "") continue;
if (MailApp.getRemainingDailyQuota() < 1) break;
MailApp.sendEmail(row[1], subject, body);
sheet.getRange(i + 1, 5).setValue(new Date());
```

Ka cire ciyaman daga cc, sai ya zama 100 ran 25, 100 ran 26, 37 ran 27, ka ga kwana ukunku sun ishe ku har da canji, a rana ta ukun ka tura masa saƙo ɗaya tak mai cewa an tura wa mutum kaza. Amma fa duk farkon wata sai an share gurbin E ɗin, ni na taɓa mantawa, zango ya zagayo kod ya duba ya ga kowa "an tura" ya koma ya kwanta abinsa, kuma babu wani Failed da zai nuna maka tunda a wajensa bai yi laifi ba.

Ɗan Fagge: Na karɓi gyara Hajiya. To me zai hana a zuba su duka a bcc saƙo ɗaya a huta?

Maman Hanif: Bcc ma ana ƙirgawa kai da kai, kuma saƙo ɗaya ba ya ɗaukar sama da mutum 50. Ban da haka kowa adadin bashinsa daban ne, ta yaya za ka rubuta musu a saƙo ɗaya.

Baba Audu Kemis: Ni dai shawarata ku sayi inbata ko ƙaramar sola. Na yi irin wannan don tunin magungunan da suka kusa lalacewa, ranar da aka ɗauke wuta da asuba kwamfutar ta mutu babu abin da ya fita, sai da katan biyu na sirof suka wuce lokaci a sito. Tun daga nan ba na kashe ta.

Injiniya Sadiq: Baba ina jin naka Excel ne da makro ko? Wannan kam sai kwamfuta na kunne fayil na buɗe. Nasu a can wajen Google yake gudana, ko wayarsa da kwamfutarsa duk suna kashe zai tashi.

Baba Audu Kemis: Excel ne ɗana. To ashe ba tafiyarmu ɗaya ba, ku ci gaba ina saurare.

Injiniya Sadiq: Nawa labarin ba na adadi ba ne, na mai shi ne, kuma Malam Sakatare ya shafe ka tunda ka ce ƙaninka ya haɗa. A wajen aikinmu wata mai bautar ƙasa ce ta saita mana tunin sabunta takardun motoci, yana aiki shekara guda ba ko tari. Ta gama ta tafi, aka rufe akawun ɗin ofis da aka buɗe mata, shi kenan tuni ya ɗauke ɗif, mu kuma ba mu sani ba sai da aka tare direbanmu a hanyar Zariya da inshora da ta ƙare sati uku. Abin da ban sani ba a lokacin, tirigar nan da ke tada kod a kan lokaci da sunan wanda ya ƙirƙire ta take gudana, daga akawun ɗinsa imel ke fita, kasonsa ake ci, kuma idan ta faɗi shi ake aika wa saƙon nan "Summary of failures for Google Apps Script". Wato duk gargaɗin yana zuwa akwatin da babu mai buɗewa. Fayil ɗin na nan, kod na nan, ka buɗe ka ga komai daidai. Na ce bari in yi wayo na yi Make a copy, kod ya biyo amma tiriga ba ta biyo ba, sai da na shiga Triggers na ƙirƙiri sabuwa da hannuna. Yanzu akawun ɗin ofis na kowa da kowa muke amfani da shi, kuma na mayar da sanarwar faɗuwa Notify me immediately.

Sakataren Kofaretif: Injiniya Allah ya saka, mu da Gmail ɗin kofaretif ya yi, shi ya sa nake ganin Sent. Amma yanzu na nemo saƙon gargaɗin nan, guda shida ne reras a ciki, wallahi na ɗauka talla ce.

Ummi ta Damagaram: Sannunku. Ni tawa matsalar kwanan wata ce. Ina tura wa masu ɗaukar kaya bashi tuni ran da wa'adi ya cika, sai ya riƙa fita kwana ɗaya kafin ranar, wani Alhaji har ya yi fushi wai ina masa kallon maci amana. Ashe agogo biyu ne, fayil ɗin yana da nasa a File, Settings, kod ɗin ma yana da nasa a Project Settings, ni kuma kwafo shi na yi daga wani, nasa yana kan New York. Kwanan da ka rubuta a gurbi sha biyun dare ne a wajen fayil, to sha biyun daren nan ƙasarmu can yamma ce ta jiya, sai kod ya karanta jiya. Na mayar da shi `Africa/Niamey` ya daidaita, ku naku `Africa/Lagos`, duk awa ɗaya ce. Sai kuma in kun zaɓi 8am to 9am kar ku tsaya jiran takwas daidai, nawa wajen takwas da minti arba'in yake tashi.

Ɗan Fagge: Wannan na awa ɗayan ne ma ya sa nake shakkar lissafin Hajiya na 100, 100, 37. Kason ba sha biyun dare yake dawowa ba, awa 24 ne daga lokacin da aka fara ci. Idan jiya ya tashi 8:40 yau kuma ya tashi 8:35 fa? Zai tarar babu komai ya koma.

Maman Hanif: Yau kam ka kama ni, a rubuce haka yake. Ni dai a nawa yana riƙe kusan minti ɗaya kullum kuma ban taɓa rasa rana ba, amma ba zan rantse maka ba. Abin da na tabbata ya taɓa cina shi ne gwaji, na zauna da daddare ina ta danna Run ina tura wa kaina, da safe ya tura saba'in da wani abu ya tsaya. In kana tsoro ka sa tirigar ta tashi duk awa ɗaya a ranakun, tunda akwai gurbin E babu wanda za a maimaita wa, duk sanda kaso ya dawo za ta ci gaba.

Injiniya Sadiq: Sai dai wasu su samu tunin bashi ƙarfe biyun dare kenan. Ni da ni ne in ƙara rana ta huɗu kawai.

Sakataren Kofaretif: Na gode ƙwarai jama'a. Na ƙara gurbin, na cire cc, ranar 25 zan dawo in faɗa muku yadda ta kaya. Saura yanzu in shawo kan ciyaman, don da na kira shi cewa ya yi shi fa bai yarda a cire shi ba, wai a sayi na kuɗin, ma'aji kuma ya ce ba da kuɗin mambobi ba. Ita Hajiyar da aka ci tara sunanta da Z ya fara, na rubuta a mayar mata da dubu biyunta a zaman Asabar.