Ariyas ya shigo: in kashe bashin ko in ajiye kuɗin?

Abban Walida (Ƙofar Ƙaura): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali. Na karɓi bashin albashi na naira 600,000 a wani ƙaramin banki, na shekara ɗaya, ruwa kashi 3 cikin ɗari duk wata. Suna cire 68,000 daga albashina, kuma an yi wata 6 ana cirewa. Yanzu an biya mu ariyas na ƙarin girma, ina da 350,000 a hannu. Zuciyata na son in kai masu in huta, mai ɗakina kuma tana cewa a bar kuɗin a asusu saboda ɓacin rana. Wanda ya taɓa biya kafin lokaci, ya aka ƙare?

Malam na Tudun Wada, Daura: Wa alaikumus salam. Malam kai masu kuɗinsu gobe da safe. Bashin ruwa ba abin da Musulmi zai kwana da shi ba ne alhali yana da halin fita. Ni ranar da na biya nawa na dawo ina barci kamar yadda nake yi da. Duk wanda ya biya da wuri ai ya rage ruwa, wannan ba ya buƙatar lissafi.

Baba Akanta: Malam, maganarka ta addini gaskiya ce, ba ni da ja. Amma cewa duk wanda ya biya da wuri ya rage ruwa, a nan sai an duba takarda. Na daɗe ina riƙe littafin ƙungiyar gama kai ta wurin aikinmu kafin in yi ritaya, na ga iri-iri.

Abban Walida, 68,000 ɗin nan kashi biyu ne. Akwai 50,000 na uwar kuɗi, akwai 18,000 na ruwa. Wannan 18,000 kashi 3 ne na 600,000 ɗin farko, kuma ba ya raguwa ko da ka biya rabi. Yau uwar kuɗin da ta rage kanka 300,000 ce, amma ruwan 600,000 ake ci gaba da karɓa. Ka ga ke nan a kan abin da ya rage, kashi 6 kake biya a wata, ba 3 ba, kuma kullum abin ƙara nauyi yake. Ruwan da ke gabanka na wata 6 shi ne 108,000.

Sai ka je ka ce su rubuta maka, a takarda mai hatimi, nawa za ka biya idan za ka rufe bashin a wannan watan. Idan suka ce 300,000 da ɗan tara, to biya ya fi. Idan suka ce 408,000, wato uwa da ruwan duka, babu abin da ka rage ko sisi, ka dai ba su kuɗinsu da wuri su juya. A wannan hali gara kuɗin su zauna hannunka a ci gaba da cirewa.

Maman Haidar: Abin da Baba ya faɗa na biyun shi ya same ni, sai dai nawa ba na ruwa ba ne. Firji da injin markaɗe na karɓa ta hanyar murabaha a bankin Musulunci, sun saya sun sayar mini da ribar da muka amince tun farko. Da na samu kuɗin adashe na je rufewa, aka ce farashin ciniki ne, an riga an ƙulla, rangwame kuma alheri ne daga banki ba sharaɗi ba. Sun rage mini wani abu kaɗan. Da na yi lissafi sai na fasa, na bar kuɗin na biya wa yara makaranta na zango biyu.

Ɗan Mai'adua: Yallaɓai duk ku bar wannan. Ka kawo 350,000 ɗin in kaka ta yi a saya maka gero ko wake a ajiye, kafin damina ka ga abin da zai zama. Kuɗi a banki narkewa suke.

Baba Akanta: Ɗana, ba sana'a ya tambaya ba. Kuma waɗanda suka tara hatsi a kakar 2024 da yawa sun sayar ƙasa da yadda suka saya, domin farashi ya faɗo a 2025. Amma narkewar kuɗi ka yi gaskiya. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce asusun ajiya ya samu akalla kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin ruwan da bankin ya tsayar. A ƙarshen 2024 ma'aunin yana kashi 27.5, ruwan ajiya ke nan kashi 8 da ɗoriya a shekara, alhali hauhawar farashi ta wuce kashi 30. Wanda ya cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata ma ba ya samun ruwan watan. Ajiya ba don ta haihu ake yinta ba, don ranar asibiti ce.

Yayan Ummi (Kofar Marusa): Ranar asibitin nan nake so Abban Walida ya riƙe. Ni na kwashe duk abin da ke hannuna na rufe bashina, ban bar komai ba. Kafin albashin gaba ya shigo aka ce za a yi wa mai ɗakina aiki wajen haihuwa. Cikin dare ba wanda zan buga wa, sai na ci bashin manhajar waya, ruwansa ya ninka wanda na gudu daga gare shi, ga kira ba dare ba rana. Na yi wata uku kafin in fita. Maganar matarka kada ka yar da ita.

Akwai wani abu kuma. Bayan na biya, watan da ya biyo baya sai da aka sake cire mini, domin umarnin cirewa yana nan ba a soke ba. Sai da na yi ta zirga-zirga da rasit kafin a maido. Ka karɓi takardar shaidar kammala biya, kuma ka biya a farkon wata, kafin a haɗa albashi. Su kan ce ka cancanci sabon bashi mai yawa tun kana tsaye a wurin. Ka ce a'a ka fito.

Abban Walida: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na je yau, sun ba ni takarda. Uwa 300,000, tara kuma ruwan wata ɗaya, 18,000, jimla 318,000. Na tambaya ko zan iya ba da rabi a rage ruwa, suka ce ko duka ko a ci gaba yadda ake.

Baba Akanta: To lissafi ya fito. In ka biya ka tsira da 90,000. In ka ajiye 318,000 ɗin na wata 6, abin da banki zai ba ka bai kai 14,000 ba. Ni da ni ne zan biya. Daga watan gaba 68,000 ta dawo hannunka, sai ka sa banki ya riƙa tura 50,000 wani asusun daban ranar albashi, cikin wata 6 ajiyarka ta koma 300,000 kuma babu bashi.

Yayan Ummi: Baba, lissafinka daidai ne, amma 32,000 ne zai rage masa har albashi ya shigo, da iyali. Ni irin wannan tsakanin ne ya kama ni. Ya jira wata ɗaya mana, ya ɗan tara.

Baba Akanta: Jiran yana da farashi. In an ƙara cirewa sau ɗaya uwa ta koma 250,000, da tara 268,000, sai ya rage da 82,000 a hannu, amma ya ƙara ba su 18,000 na ruwa. Abban Walida, kana cikin ƙungiyar gama kai a ofishinku? In kana ciki kuma suna ba da rancen gaggawa, biya yanzu. In babu, ka tambayi kanka wa zai iya ba ka 100,000 cikin dare.

Abban Walida: Ina ciki Baba, amma ban cika wata shidan da suke nema kafin a ba da rance ba, saura biyu. Zan sami ma'ajinmu gobe in ji ko suna ɗaga ƙafa in lalurar asibiti ce. Takardar bankin dai ta ce adadin yana aiki har ranar 10 ga wata.