Abin da aka tattara kan hawan abin hawa ga baƙo a Maradi

Na bi bayanan da jama'a suka yi kan yadda baƙo zai yi zirga-zirga a Maradi, ga abin da na tsinta.

1. Kowa ya yarda cewa a cikin gari kabu-kabu da adaidaita sahu ne abin hawa. Maradi ba ta da jirgin ƙasa, kada baƙo ya ɓata lokacin nema.

2. An fi nanata maganar kuɗi: a yi ciniki kafin a hau. A nan lissafin sefa da dala ake yi, dala ɗaya sefa 5 ce. In ɗan kabu-kabu ya ce "dala arba'in", sefa 200 yake nufi. Wani da ya zo daga Katsina ya ce ya miƙa abin da bai kai ba, aka yi ta cacar baki a bakin Babbar Kasuwa. Ni ma a ganina nan ne baƙo ya fi shan wahala.

3. Kwatance da sanannen wuri ake yi, kamar fadar Sarkin Katsinan Maradi ko asibiti, sannan a faɗi unguwa, Zariya ko Ali Ɗan Sofo. Sunan titi ba ya kai mutum.

4. Motocin Tibiri, Madarunfa da Ɗan Isa sai sun cika suke tashi. A leƙa a ga kujera nawa ta rage.

5. An rabu kan adaidaita. Masu kaya da mata da yawa sun fi son ta. Masu sauri sun ce tana tsaye-tsaye ɗaukar fasinja, gara kabu-kabu ko da ƙura.