Taƙaitawar tattaunawar da aka yi kan wannan tambaya: wace kadarar gwamnati ake iya kamawa bayan hukuncin sasanci?

1. Kowa ya yarda cewa kariyar ƙasa iri biyu ce: kariya daga shari'a da kariya daga kama kadara. A dokar Birtaniya ta 1978 kan kariyar ƙasashe, ƙasar da ta amince da sasanci a rubuce ba ta iya hana kotu sauraron batun (sashe na 9), amma kadararta tana nan da kariya. Sashe na 13 ya ce ba a taɓa ta sai da rubutacciyar amincewar ƙasar, ko in ana kasuwanci da kadarar.

2. An fi daɗewa a kan shari'ar kamfanin Zhongshan na ƙasar Sin da Najeriya. Kamfanin ya samu hukuncin sasanci a 2021 kan yankin ciniki na jihar Ogun. A 2024 kotun Ingila ta ɗora bashin a kan gidaje biyu na Najeriya a Liverpool, domin 'yan haya ne a ciki, ba aikin jakadanci ake yi da su ba. Abin da kotu ke dubawa shi ne amfanin da ake yi da kadarar, saboda haka ya kamata mai bin bashi ya fara tara shaidar haya tun kafin ya shigar da buƙata.

3. Asusun gudanar da ofishin jakadanci da kuɗin babban banki, a manta da su in ba an yafe kariyarsu ba.

4. An rabu a kan kamfanonin gwamnati. Wasu sun ce a bi dukiyarsu. Mafi yawa sun ce kotu na ɗaukar kamfani a matsayin mai zaman kansa, kuma nuna cewa gwamnati ce ta mallake shi bai isa ba. Ina tare da waɗannan.