Bugun zuciyar mahaifina 36 ne a minti, an ce sai an sa masa batir

Murtala, Talatar Mafara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Baba yana da shekara 72, har yanzu yana zuwa gonarsa a Bakolori. Sau biyu ke nan a watan nan yana yanke jiki ya faɗi, na biyun a sahun sallar La'asar, kuma kafin a kawo ruwa ya farfaɗo. A asibiti a Gusau an auna bugun zuciyarsa 36 a minti, takardar gwajin lantarkin zuciya, wato ECG, ta nuna `complete heart block`. Likita ya ce sai an sa masa batirin zuciya. Don Allah dole ne? Babu maganin da zai ɗaga bugun? Tsoron fiɗar ƙirji yake yi.

Alhaji Sani, Ƙauran Namoda:
Allah ya ba Baba lafiya. Toshewar jijiyar zuciya ai kitse ne. A hana shi man shanu da kitsen nama, a riƙa ba shi tafarnuwa da zuma da safe. Yayana haka aka yi masa.

Nas Bello, Gusau:
Ranka ya daɗe Alhaji, ciwon yayanka daban ne. Nasa hanyar jini ce ta cushe. Na Baba hanyar saƙon lantarkin zuciya ce ta yanke, tafarnuwa ba ta kai wa nan. Amma Murtala, ni ban ga abin gaggawa ba tukuna. Masu aikin ƙarfi bugunsu kan yi ƙasa, na sha auna manoma da 'yan ƙwallo in samu 50 ko ƙasa da haka, lafiyarsu lau.

Dakta Hauwa, Birnin Kebbi:
Malam Bello, gaskiyarka game da 'yan ƙwallo, sai dai ba ta shafi Baba ba. Ɗan ƙwallo bugunsa 48 yana zaune, da ya tashi gudu zai haura ɗari. Na Baba ko ya hau tudu ba zai ƙaru sosai ba. Shi ya sa yawan bugun kaɗai ba ya yanke mana hukunci, muna duba abin da ECG ya nuna da kuma abin da ke samun mutum.

Malam Murtala, ga yadda abin yake. A saman zuciya ta dama akwai ɗan wuri da ke kunna kowane bugu, sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum na hutawa. Saƙon yakan bi ta wata mashiga guda ɗaya a tsakiya kafin ya sauka ɗakunan ƙasa, waɗanda su ne ke tura jini zuwa ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Wani lokaci saƙon jinkiri kawai yake yi, wannan mataki na farko ne, yawanci ba ma taɓa shi. Wani lokaci yana wucewa yana faɗuwa, a nan sai an duba irinsa. A wurin Baba babu saƙon da ke wucewa ko ɗaya. Ɗakunan ƙasa sun koma buga nasu da kansu, a hankali, 30 zuwa 40. Wannan bugun kamar ƙaramin janareta ne bayan an ɗauke wuta: yana riƙe gida, amma yana iya ɗaukewa ba sallama. Idan ya tsaya na 'yan daƙiƙu, jini bai kai ƙwaƙwalwa ba, mutum ya faɗi kamar an sare shi, sannan ya farka garau. Abin da ya faru a masallaci ke nan, kuma abin da nake tsoro shi ne ranar da zai tsaya ya ƙi dawowa.

Kafin a yanke magana, ka zazzage jakar magungunansa ka faɗa mini sunayensu, har na ɗigawa a ido. An yi masa gwajin ƙoda da sinadarin fotasiyam?

Murtala:
Na gode Dakta. Yana shan `amlodipine` na hawan jini, sai maganin ɗigawa `timolol` da aka ba shi saboda hawan jinin ido. Gwajin ƙoda an ce lafiya.

Dakta Hauwa:
Madalla da ka duba. Wannan na idon yana shiga jini, kuma danginsu ɗaya da `atenolol`, yana rage bugun zuciya. Ka kai kwalbar wa likitansa yau, su yi magana da likitan ido a canza masa wani, don kada a bar idon haka. Sauran abubuwan da kan jawo wannan na ɗan lokaci su ne `digoxin`, `verapamil`, hauhawar fotasiyam idan ƙoda ta gaza, raguwar aikin `thyroid` da ke wuya, da sabon ciwon zuciya na toshewar hanyar jini. Idan ɗayansu ne, a gyara shi hanya ta iya buɗewa.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba. A mai shekara 72, sau da yawa hanyar ce ta tsufa ta zama tabo, maganin ya tona asirinta kawai. Idan an janye shi an jira 'yan kwanaki a asibiti ECG bai canza ba, to batir ne, ko da bai sake faɗuwa ba. Alluran da muke da su na ɗaga bugu na sa'o'i ne a gadon asibiti, babu ƙwayar da za a dogara da ita a gida.

Ka kwantar wa Baba da hankali, ba a buɗe ƙirji. Ana kashe fatar ƙasan ƙashin wuya, galibi ta hagu, yana farke. A yi ɗan yanka, a zura siririyar waya ta jijiyar jini har cikin zuciya ana kallo a hoto, a haɗa ta da na'urar, a ɓoye ta a ƙarƙashin fata. Awa ɗaya zuwa biyu. Na'urar sauraro take yi kullum: idan zuciya ta buga da kanta sai ta ƙyale ta, idan bugu bai zo a kan lokaci ba sai ta aika ɗan lantarki da ba a jin sa. Yawanci ana saita ta kada bugu ya sauka ƙasa da 60. Mai waya biyu tana jin bugun sama ta isar da shi ƙasa, wato ta maye gurbin hanyar da ta yanke, don haka idan ya kama aiki bugun zai ƙaru yadda Allah ya tsara shi.

Hajiya Rabi, Argungu:
Mahaifiyata a Abuja aka sa mata, mai waya ɗaya, don kuɗinmu nan ya tsaya. Kwana biyu aka sallame ta. An hana ta ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa har wata ɗaya da rabi don kada wayar ta goce, kuma waya ta salula a ɗaya kunnen take amsawa, ba ta sa ta kusa da wurin. Sallarta take yi da ruku'u da sujada babu matsala. Amma ta kan ce tana jin bugu a wuyanta idan ta kwanta. Dakta, laifin waya ɗayan ne?

Dakta Hauwa:
Yana iya zama, Hajiya. Idan sama da ƙasa ba sa tafiya tare, wasu na jin haka, har da kasala. Ki faɗa musu a ranar dubawa, wani lokaci saiti kawai ake canzawa daga waje. Abin da ba a jira da shi: ja, kumburi ko ruwa a wurin yankan, zazzaɓi, shaƙuwa da ta ƙi tsayawa, ko jiri ya dawo. Batirin yakan kai shekara 7 zuwa 12, kuma a wurin dubawa ake ganin yana ja da baya tun da sauran watanni, sai a canza akwatin a bar wayoyin.

Nas Bello:
Na karɓi gyara a kan Baba. Amma waya ɗaya ko biyu, ni ina ganin a shekarunsa ɗaya ta wadatar, ta hana faɗuwa, ga sauƙin kuɗi.

Dakta Hauwa:
Ta hana faɗuwa, haka ne. Ni dai mutumin da ke riƙe fartanya na fi so masa biyu idan da hali, wanda zai sa masa ne zai yanke bayan ya ga hoton zuciyar. Malam Murtala, kafin nan kada Baba ya hau babur, kada ya je bakin ruwa ko gona shi kaɗai. Da ni ce, a asibiti zai kwana daga yau.

Murtala:
Mun koma da shi, sun ba shi gado, sun karɓi kwalbar maganin idon. Gobe da safe za a sake ECG, kuma za su rubuta mana takardar turawa. Hajiya Rabi, don Allah zan yi miki magana ta gefe a kan abin da kuka kashe, in san abin da zan faɗa wa ƙannena.